Tambayar jerin lambobi a jarrabawar neman aiki: inda ake yawan tuntuɓe

Wani matashi da ya gama bautar ƙasa ya shiga wani kafe a Kano don rubuta jarrabawar ɗaukar ma'aikata ta intanet. Tambaya 40 ce cikin minti 30, wato kowace tambaya daƙiƙa 45 ce rabonta. Yana tafiya lafiya lau har ya iso kan wannan:

3, 20, 6, 17, 12, 14, ?

An ba shi zaɓi huɗu: 11, 18, 24 da 28. Ya zuba wa allo ido, ya ƙirga da yatsu, ya sake ƙirgawa. Sai da minti biyar ya wuce sannan ya danna 11, amsar kuwa 24 ce. Lokaci ya cika yana da sauran tambayoyin da ko karanta su bai yi ba. Da ya miƙe, mai kafen ya ce masa, "Malam, ai da ka tsallake ta." Ya ce, "Wallahi gani nake yi saura kaɗan in gano ta." Abin da ya ba ni takaici shi ne yaron ya iya lissafi, hanyar ce kawai ba a taɓa nuna masa ba.

Kuskurensa na farko shi ne yin lissafin a ka. Idan an yarda a shiga da takarda da biro, fara da rubuta tazarar da ke tsakanin kowace lamba da mai bin ta. A nan za ka samu ƙarin 17, ragin 14, ƙarin 11, ragin 5, ƙarin 2. Ukun farko suna yaudara, domin 17, 14, 11 sun yi kama da tsari, amma 5 ta rushe shi, tunda 8 ya kamata a gani a wurin. Da zarar lamba ɗaya ta ƙi bin ƙa'idar da ka zata, ka bar ƙa'idar, kada ka tsaya lallashinta.

Hawa da saukar nan ita ce alamar da ya kasa karantawa. Duk jerin da ya hau, ya sauka, ya sake hawa, yawanci jeri biyu ne aka saƙa wuri ɗaya. Sai ka riƙa ɗaukar lamba ɗaya kana tsallake ɗaya. Ta farko, ta uku da ta biyar su ne 3, 6, 12, kowace ninkin ta baya. Ta biyu, ta huɗu da ta shida su ne 20, 17, 14, ana rage uku-uku. Matashin ya hango jeri na biyun a ƙarshe, shi ya sa ya zaɓi 11, amma bai ƙirga gurbi ba. Alamar tambayar tana gurbi na bakwai, wanda na jerin farko ne, don haka 12 sau biyu, 24. Ita 11 a gurbi na takwas za ta zo, kuma da gangan masu shirya tambaya suke ajiye ta cikin zaɓin.

A nan akwai abin lura. Lambobi uku ba sa isa su tabbatar da ƙa'ida. Jerin 3, 6, 12 zai iya zama ƙarin 3, ƙarin 6, ƙarin 9, ya ba da 21. Abin da ya raba gardama shi ne babu 21 a cikin zaɓin. Saboda haka duba zaɓin tun da wuri, kada ka bari sai ka gama.

Wani kuskuren da ake yawan yi shi ne yanke hukunci daga lambobin farko. Wanda ya ga 2, 4, 8, 14, 22 zai ce ninki ne, sai 14 ta ƙaryata shi. Tazarar ita ce 2, 4, 6, 8, mai zuwa 10, amsa 32. Yana kuma da amfani ka haddace 1, 4, 9, 16, 25 har zuwa 144, wato lamba sau kanta, da 1, 8, 27, 64, 125, wato lamba sau kanta sau kanta, domin suna yawan fitowa, wani lokaci an ƙara musu ɗaya ko an rage.

Sai maganar lokaci. Minti biyar ɗin da ya ɓata rabon tambaya shida ne da 'yan kai. Idan ka gwada tazara, ka gwada ninki, ka gwada tsallake ɗaya, minti ɗaya ya wuce ba ka gani ba, ka wuce zuwa tambaya ta gaba. Amma karanta umarnin farko da kyau: wasu jarrabawowin ba sa barin a koma baya bayan an danna Next, wasu kuma suna rage maki kan amsar da ba daidai ba. Inda ba a ragewa, cire zaɓin da ka tabbata ba su ba ne, ka zaɓi ɗaya cikin sauran. Kafin ka zauna kuma, sayi lokacin kafe fiye da na jarrabawar, ka tambayi mai wurin ko kwamfutar tana mutuwa idan an ɗauke wuta kafin a ta da janareta, domin a yawancin irin waɗannan jarrabawowi agogon ba ya tsayawa jiranka.