Babi na Shida: Yadda Ake Lissafin Harajin Ribar Sayar da Gida

Darasi na 1: A kan me ake biyan harajin

Idan mutum ya sayar da gida a kan kuɗin da ya ɗara abin da ya kashe wajen mallakarsa, ƙasashe da yawa suna karɓar wani kaso daga cikin abin da ya ƙaru. Wannan ƙaruwar ita ce riba, kuma a kanta ake ɗora harajin. Kuɗin da mai saye ya miƙa muku duka ba riba ba ne, domin a cikinsa akwai uwar kuɗinku da ta dawo hannunku, kuma ba a karɓar wannan haraji a kan uwar kuɗi.

Lissafin yana da hawa uku. Da farko ku rubuta kuɗin da aka sayi gidan daga hannunku, ku cire abin da kuka kashe wajen sayarwa, kamar la'adar dillali da kuɗin lauya. Bayan haka ku tara duk abin da gidan ya ci muku, wato kuɗin sayensa, da hidimar da kuka yi lokacin sayen, da kuɗin ƙarin da kuka yi masa. A ƙarshe ku cire jimilla ta biyu daga ta farko, abin da ya rage shi ne ribar.

Ga misali, da kuɗin kowace ƙasa kuke so ku ɗauke shi. Wani mutum ya sayi gida a kan 8,000,000, ya kashe 600,000 a kan dillali da lauya da rajistar takardu. Daga baya ya gina ƙarin ɗakuna biyu da katanga a kan 2,400,000. Idan kuka tara ukun za ku sami 11,000,000, kuma wannan shi ne abin da gidan ya ci masa. Bayan wasu shekaru ya sayar da shi a kan 15,000,000, ya biya dillali da lauya 500,000, saura 14,500,000 a hannunsa. Ku cire 11,000,000 daga 14,500,000, za ku ga 3,500,000 ta rage. Ku rubuta lambobin a ƙarƙashin juna, sifili a ƙarƙashin sifili, kada ku yi lissafin da ka ko da kuna ganin kun iya.

Darasi na 2: Bambancin ƙari da gyara

A nan ne na ga ɗalibai suna tuntuɓe fiye da ko'ina, saboda haka za mu daɗe a wurin, kuma kada wanda ya ruɗe a karon farko ya ji kunya.

Ƙari shi ne aikin da ya kawo wa gidan abin da babu shi a da, ko ya ɗaga darajarsa sama da yadda yake lokacin da kuka saya: sabon ɗaki, sabon bene, katangar da ba a taɓa ginawa ba. Gyara kuwa shi ne aikin da ya mayar da gidan yadda yake tun farko: shafa fenti, toshe rufin da ke yoyo, sauya ƙofar da ta karye da wata irinta. A yawancin ƙasashe kuɗin ƙari yana shiga lissafi, kuɗin gyara ba ya shiga.

Kowane rasit da kuka ɗauko, ku yi masa tambaya ɗaya: abin da wannan kuɗin ya biya, akwai shi a gidan kafin a yi aikin? Idan akwai shi, lalacewa ya yi aka farfaɗo da shi, to gyara ne, ku ajiye rasit ɗin a gefe. Idan babu shi sam, ƙari ne, ku sa shi cikin lissafi. Mu gwada. Gida yana da rufi, rufin ya fara zuba, aka sauya kwanon da ya ɓule. Akwai rufin a da? Akwai, saboda haka gyara ne. Gida ba shi da banɗaki a ciki, aka gina. Akwai shi a da? Babu, saboda haka ƙari ne. An sake wa bango fenti kafin a nuna wa masu saye gidan. Bangon yana da fenti a da, ya dai koɗe, don haka gyara ne, ko da ya sa gidan ya yi kyau a ido.

Mutumin da ke cikin misalinmu ya kashe 400,000 a kan fenti da toshe rufi cikin shekarun da ya riƙe gidan. Kuɗi ne na gaske da ya fita daga aljihunsa, na san da zafi a ce ba za a lissafa ba, amma ba za a lissafa ba. Da zai cusa su, ribarsa za ta koma 3,100,000, ya biya ƙasa da abin da ke kansa, kuma idan hukumar haraji ta duba takardun za ta nemi cikon, wataƙila har da tara.

Na sha maimaita wannan, duk da haka a kowane zango sai na ga wanda ya rubuta fenti a layin ƙari. Haba jama'a! Yawan kuɗin da aiki ya ci ba ya mayar da gyara ya zama ƙari. Ku koma ga tambayar: akwai shi a da, ko babu? Akwai sharaɗi guda kuma a wasu ƙasashe, kamar Birtaniya, cewa dole ƙarin ya kasance yana nan a ranar sayarwa, wato rumfar da kuka gina kuka rushe daga baya ba ta shiga. Ƙarin da ba ku da rasit ɗinsa kuma yana da wuyar karɓuwa wurin jami'in haraji, saboda haka wanda yake jefar da rasit yana jefar da kuɗinsa ne.

Darasi na 3: Bashin banki

Wanda ya sayi gida da rancen banki yakan ɗauka cewa abin da ya saura bayan an biya banki shi ne ribarsa. Wannan kuskure ne. Ko da mutumin namu ya biya banki 5,000,000 daga kuɗin cinikin, ribarsa tana nan 3,500,000, domin an riga an lissafa rancen a cikin 8,000,000 na sayen gidan, ba a cire shi sau biyu.

Darasi na 4: Kason haraji da rangwame

Kowace ƙasa tana da nata kason. Idan a ce kason 10 cikin 100 ne, harajin 3,500,000 zai zama 350,000. Ƙasashe da dama suna yin rangwame ga gidan da mutum yake zaune a ciki. A Amurka ba a karɓar haraji a kan riba har zuwa dala 250,000 ga mutum ɗaya, ko dala 500,000 ga ma'aurata masu cike takardar haraji tare, muddin gidan nasu ne kuma sun zauna a cikinsa shekara 2 daga cikin 5 na ƙarshe. Gidan haya ba kasafai yake samun irin wannan sassaucin ba. Ku tambayi ofishin harajin ƙasarku kason da ake karɓa da wa'adin biya.

Darasi na 5: Aikin gida

An sayi gida a kan 6,000,000, hidimar saye ta ci 400,000, sabon ɗaki ya ci 1,000,000, fenti ya ci 200,000. An sayar da shi a kan 10,000,000, dillali ya karɓi 300,000. Ku fitar da ribar, ku ja layi a ƙarƙashin lambar da ba ta shiga lissafi.