Kurakuran da aka fi yi wajen fitar da hayaƙi a kicin ɗin gidan abinci

Daga Agege zuwa Obalende, duk mai gidan abincin da hayaƙi ya dame shi magana ɗaya yake yi: fanka ta yi ƙanƙanta, a sayo babba. Sai a tura yaro kasuwa a ɗauko wadda ta ninka ta da, a ɗaura, ƙara ta ƙaru, kuɗin dizal ya ƙaru, hayaƙi kuma yana nan yana lasar silin. Dalili kuwa shi ne fanka ba ta iya fitar da iskar da ba ta shigo ba. Duk abin da hud ɗin nan da ke saman murhu ya zuƙa ya tura waje, dole a sami wani wuri da madadinsa zai shigo. Mafi yawan matsalolin da nake gani a kicin-kicin ɗin Legas daga nan suke farawa.

Mu ɗauki kicin mai tsawon mita 6, faɗi mita 5, tsayi mita 3. An jingina hud mai tsawon mita 3 da bango, a ƙarƙashinsa akwai murhun gas mai manyan kawuna, da abin suya, da abin gashi na gas. Lissafin da injiniyoyi suka saba amfani da shi, wanda aka ɗauko daga dokar gine-ginen Amurka, yana ba girki mai zafi irin wannan 400 CFM, wato kubik ƙafa 400 na iska a minti ɗaya, a kan kowace ƙafa ta tsawon hud. Mita 3 kusan ƙafa 10 ne, ke nan ana neman 4,000 CFM, wato kimanin kubik mita 6,800 a awa. Shi kuwa ɗakin gaba ɗaya kubik mita 90 yake ɗauka. Ma'ana, fankar nan tana kwashe iskar kicin ɗin kaf cikin ƙasa da minti ɗaya, ta sake, ta sake, tun safe har a tashi.

To ta ina wannan iska za ta shigo? A da can da ake girki a rumfa ko ɗaki mai tagogi a buɗe ba a ma yin tambayar. Yanzu an rufe tagogi saboda ƙuda da ƙura, an sa ƙofar gilas, an sa esi a wurin cin abinci. Fanka sai ta koma tana jan iska ta ƙarƙashin ƙofa, ta ramukan waya, ta magudanar ruwan ƙasa idan ta bushe, shi ya sa wani kicin ɗin yake warin kwata ba a san dalili ba. Idan kuma aka bar ƙofar da ke tsakanin kicin da wurin cin abinci a buɗe, iskar da aka kashe kuɗi aka sanyaya ita ce take bi ta kan tukunya ta fice ta rufi. Na taɓa jin wata Hajiya tana cewa mai gyaran esi, "Malam, na'urorin nan naka ba sa sanyi." Ba laifin na'urorin ba ne, hud ne yake shanye sanyin.

Gane wannan ba ya buƙatar na'ura. A kunna fanka, a rufe komai kamar yadda ake aiki kullum, sannan a tura ƙofar baya. Idan tana yi maka gardama, ko tana bugawa da kanta, ko ana jin fito ta gefenta, kicin ɗin yana cikin yunwar iska. Sai a buɗe ta gaba ɗaya a dubi bakin hud. Idan hayaƙin da yake zubowa ta gefe ya miƙe ya shige ciki, an gama bincike: fanka lafiyarta ƙalau, hanyar shigowa ce babu. Ƙa'idar NFPA 96 ta ƙungiyar kare gobara ta Amurka, wadda ita ce aka fi jingina da ita a wannan aiki, ta ce ƙarancin matsin iska a kicin kada ya wuce kusan faskal 5. Wannan ɗan kaɗan ne ƙwarai, da ƙyar hannu zai ji shi a jikin ƙofa.

Gyaran shi ne a yi wa iska hanyar shigowa da gangan, da fankarta da matatarta. A misalinmu, a shigo da kimanin kubik mita 5,800 a awa kai tsaye cikin kicin, wato kashi 85 cikin 100, ragowar 1,000 kuma ta biyo daga wurin cin abinci. Wannan ɗan giɓin da aka bari yana da amfani, domin shi ke sa ƙamshin suya ya tsaya a kicin maimakon ya bi kwastoma har cikin rigarsa. Kuma a haɗa fankokin biyu a makunni ɗaya, don in an raba su, wata rana wani zai kashe ta shigowa wai don a rage wa janareto nauyi.

Akwai kuma waɗanda suka shigo da iskar amma suka zubo ta inda bai kamata ba. Hayaƙin da ke tashi daga kasko ba shi da ƙarfi, ɗan kaɗawar iska ya isa ya karkatar da shi. Idan aka sa bakin iska a silin dab da hud yana hurawa da ƙarfi, ko aka kafa fankar tsaye tana kallon murhu saboda mai girki yana jin zafi, hayaƙin ba zai kai ga matata ba. Ba na ganin laifin mai girkin, wanda ya tsaya gaban wuta a watan Maris a Legas ya san abin da ake ciki. Amma maganin shi ne a shigo da iskar daga nesa da hud, ta baki mai faɗi mai ƙananan huji, yadda za ta iso a hankali, ƙasa da rabin mita a daƙiƙa. Shi kansa hud ɗin ya zarce murhu da aƙalla santimita 15 ta kowane gefe da yake buɗe, in ya kai 30 ta gaba ya fi. Idan murhu yana ƙarshen hud, a toshe gefen da faranti, aiki ne mai arha da ke gyara abu da yawa. A kuma tura murhu ya matsa jikin bango, kada a bar rata a bayansa.

Kafin a yanke wa fanka hukunci akwai wani abu da ya kamata mai lantarki ya duba, musamman a garin da ake sauyawa tsakanin wutar Nefa da janareto sau da yawa a yini. Fanka mai layi uku, idan aka musanya waya biyu, baya take juyawa. Irin mai kama da dodon koɗi ko da tana juyawa baya ba ta daina tura iska waje, sai dai ƙarfin ya faɗi warwas. Idan hud yana ja sosai a kan Nefa amma ya yi sanyi a kan janareto, a dubi kibiyar da ke jikin fankar a gwada da yadda take juyawa.

Sai bututu, inda kuskure ba ya tsayawa a hayaƙi, gobara yake jawowa. Maiƙon da ya tashi da tururi yana daskarewa a cikinsa, kuma ranar da wuta ta tashi daga kasko ta haye matata, wannan maiƙon ne makamashinta. Saboda haka bututun kicin ba irin na esi ba ne. Abin da aka fi yi shi ne a lanƙwasa siririn kwano, a haɗa da ribit ko kusa mai zare, a shafe da silikon. Bayan 'yan watanni sai a ga baƙin mai yana ɗiga daga kowace mahaɗa, yana ɓata silin. Ƙa'ida tana neman baƙin ƙarfe mai kaurin geji 16, kusan milimita ɗaya da rabi, ko kuma ƙarfen da ba ya tsatsa mai geji 18, a kuma yi wa kowace mahaɗa walda a zagaye ba yankewa, yadda ko ɗigo ba zai fita ba. Wanda ke kusa da teku, Lekki ko Victoria Island, gara ya daure ya sayi marar tsatsan, iskar gishiri ba ta raga wa baƙin ƙarfen da ke waje. Kafin a rufe silin a zura fitila mai haske cikin bututun a kashe wutar ɗaki. Duk inda haske ya leƙo, mai walda ya dawo.

Tsakanin bututu da duk abin da wuta ke ci a bar santimita 46. Rufin gidaje da yawa a nan katako ne, silin kuma leda ko filawud, amma sai ka ga bututu ya kwanta a kan katakon kai tsaye. Inda babu wurin barin wannan rata, akwai bargon wuta da aka yi musamman don naɗe irin wannan bututu, soson esi ba ya maye gurbinsa. Inda bututu ya kwanta a miƙe, a karkata shi santimita 2 a kowace mita zuwa wajen hud domin mai ya gangaro, a kuma sa ƙofar shara a kowace kwana da kowace tazarar da ba ta kai mita 4 ba. Girmansa kuwa daga yawan iska ake fitar da shi. Kubik mita 6,800 a awa a gudun mita 8 a daƙiƙa yana son bututu mai santimita 40 da 60. Wanda ya matse shi zuwa 30 da 30 don ya ɓuya a silin ya ninka gudun fiye da sau biyu, fanka za ta yi ta gurnani ba ta kai adadin ba.

Bakin fitar ya haura rufi da mita ɗaya, ya kuma nisanci taga da bakin shigowar iska da iyakar maƙwabci da mita 3. A unguwannin da gini ya manne da gini wannan ne ya fi wuya, amma wanda ya huda bango ya tura wa maƙwabci hayaƙi a lungu, ko ba jima ko ba daɗe zai ga takardar LASEPA, hukumar kare muhalli ta Jihar Legas, ko kuma hayaƙin ya zagayo ya dawo masa ta fankar shigowa.

Masu gashi da gawayi ko itace, tsire ne ko balangu ko kifi, nasu daban ne. Tartsatsi yana tashi, toka da kwalta suna haɗuwa da maiƙo, don haka ƙa'ida ta ce hud ɗinsu da bututunsu da fankarsu su zama nasu su kaɗai, kada a haɗa da na gas, kuma a duba cikinsa kowane wata. Kicin mai aiki dare da rana ko mai yawan gashi a duba shi duk wata uku, matsakaici duk wata shida. Idan kaurin maiƙon ya kai milimita 2, a kankare har sai ƙarfe ya bayyana. Matata kuwa a sa ta faranti mai lanƙwasa, a jingine ta a karkace aƙalla digiri 45 domin mai ya gangara cikin kwatarniyarsa, a riƙa wanke ta da ruwan zafi. Ta raga tana cika da mai ta kama da wuta. Idan ka shiga kicin ka tarar an cire matata an jingine a bango wai don hud ya ƙara ja, ka sa a mayar da ita nan take, sannan ka je ka gwada ƙofar baya.