Yadda shugaban ma'aikata zai tafiyar da al'amari idan yaronsa ya faɗo daga gini a Saudiyya

A ce kai ne ke kula da leburori a wani gini a Jidda, da hantsi birkila ya zame daga hawa na biyu, yana kwance yana nishi. Minti goman farko naka ne, tun kafin mudir, wato manajan kamfani, ya ji labari.

Fara da tsayar da aiki gaba ɗaya, a kashe injuna, waɗanda ke sama su sauko ta wata hanya dabam. Sai ka raba aiki da suna, domin in ka ce "wani ya kira mota" kowa zai zaci wani ya kira. Ka nuna mutum ɗaya ya buga 997, lambar motar asibiti ta Hilal Ahmar. In akwai gobara ko gini ya danne mutum, 998 ce ta Difa'ul Madani, wato 'yan kwana-kwana da masu ceto, kuma a yankin Makka, wanda Jidda ke ciki, 911 na haɗa su duka. Mai kiran ya zama wanda Larabci ya zauna a bakinsa, ya faɗi unguwa, ya faɗi ko mutumin na numfashi, ko yana magana. Wani kuma ya tsaya a bakin ƙofa ya tari motar.

A nan ne tausayinmu ke yin ɓarna. 'Yan'uwa za su ruga su ɗaga shi, a zaunar da shi, a ɗura masa ruwa. Hana su, ko da za a ga baƙinka. Wanda ya faɗo daga sama ana ɗaukarsa a matsayin mai rauni a wuya ko ƙashin baya har sai likita ya ce babu. In ya ce ba ya jin ƙafafunsa, ko yatsunsa na masa kamar tafiyar kiyashi, alama ce babba. A riƙe kansa yadda yake, a danne wurin da ke zubar jini da tsumma mai tsabta, a yi masa inuwa. Ba a gusar da shi sai in wurin kansa na da haɗari.

Da mota ta tafi, tare da mutum ɗaya riƙe da ikamarsa, wato katin izinin zamansa, da wayarsa, tara sauran. Faɗa musu abin da ka sani kawai: yana da rai, an kai shi asibiti kaza, za ka sake yi musu bayani bayan la'asar. Ka roƙe su kada kowa ya tura hoto gida. Kada a taɓa wurin, katakon da ya karye ya zauna inda yake, ka ɗauki hotonsa. Wanda ke kusa da shi lokacin faɗuwar, kada ka mayar da shi sama ranar nan.

Iyali kuwa, da bakinka za su ji, ba a saƙon waya ba. Mudir za ka iya sanar da shi cikin jimla biyu, amma kiran gida na son natsuwa. Nemi mahaifinsa ko yayansa, shi zai san yadda zai shiga wurin mahaifiya da matar. Saudiyya na gaban Najeriya da Nijar da awa 2, sai ka duba lokaci. Bayan gaisuwa ka ce: "Baba, ni ne mai kula da aikinsu. Ya samu tsautsayi a wurin aiki, yana asibiti, na gan shi yana magana. Likita na duba bayansa, zan kira ku bayan isha'i ko da labari bai canza ba." Kada ka ce "ba komai, ɗan buguwa ne" alhali ba ka sani ba. Gobe in magana ta juya, ba za su ƙara yarda da kai ba. Kuma kiran da ka yi alkawari, ka cika shi.

Rahoton hukumar kamfani ka rubuta shi a ranar: lokaci, wuri, aikin da yake yi, ko yana sanye da igiyar kariya, su wa suka gani. Abin da ido ya gani za ka sa, laifin wane ka bar wa masu bincike. Sannan ka bi sawu a sanar da hukumar inshorar ma'aikata ta Ta'aminat, wato GOSI. Reshenta na haɗurran aiki ya haɗa da baƙi, mai kamfani ne ke biyan kashi 2 cikin 100 na albashi dominsa, kuma ana son ya kai rahoto cikin kwana 3 da samun labari. Ta nan kuɗin magani da na kwanakin jinya ke fitowa.

Wani lokaci za a matsa maka ka ce a masauki ya faɗi, don kada a binciki kamfani. Kada ka sa hannu a wannan. In takardar asibiti ba ta nuna raunin aiki ba ne, haƙƙin yaron zai yi wuyar samuwa, kai kuma sunanka na kan ƙarya. Ka riƙe kwafin rahotonka, kuma kada a koma kan wannan hawa sai injiniya ya duba ya rubuta cewa an gyara.