Darasi: Rubuta sunan da ke kan satifiket da harufan Larabci

Wanda zai nemi karatu a Madina ko Azhar yakan buƙaci a mayar masa da takardunsa zuwa Larabci. A Gombe, sau da yawa hoton satifiket kawai ake turo wa mai fassara ta waya. Kafin ka taɓa alƙalami, ka ce a turo maka hoton shafin fasfo mai ɗauke da suna. Fasfon Najeriya da boko yake, kuma da shi jami'in can zai gwada abin da ka rubuta.

Idan hasken kyamara ya haske sunan, duba layuka biyu na ƙasan shafin. Na farko yana farawa da P, sai NGA, sai sunan dangi, sannan sauran sunaye.

Bari mu ɗauki misali. A ce fasfo ya nuna CHIROMA MOHAMMED GARBA, satifiket kuma Moh'd Garba Ciroma.

Mohammed ba wuya. Moh'd, Mohammed da Muhammad duk suna ɗaya ne, asalinsa Larabci, sai a mayar da shi gida: محمد. Kada ka bi harafi-harafi ka rubuta موهاميد.

Garba ne tarkon. Kowane Bahaushe ya san Garba shi ne Abubakar, hannun almajiri kuma yana ƙaiƙayin rubuta أبو بكر. Kul! Balarabe bai san wannan laƙabin ba, zai ga mutum biyu ne. Rubuta abin da fasfo ya ce: غربا. Haka Mamman ba ya komawa Muhammad, Ɗanjuma ma ba a fassara shi. Larabci ba shi da harafin G. Masar kan sa ج, mu nan mun saba da غ. Wanda ka zaɓa, shi za ka riƙe a kan kowace takarda.

Sai Chiroma. A ajaminmu ث muke sa wa wannan sautin, amma Balarabe zai karanta shi yadda yake karanta shi a cikin Usman, sunan ya koma kamar Siroma. Don haka a haɗa ت da ش, a rubuta تشيروما.

Jera sunayen kamar yadda suke a satifiket, sannan ka sa bokon fasfo kusa da Larabcin.

Akwai inda aikinka ya tsaya. In satifiket ya ce Garba, fasfo ya ce Abubakar, ba mai fassara ke gyara wannan ba. Ka rubuta abin da ka gani, mai takarda ya je kotu ya yi takardar rantsuwa cewa duka sunayensa ne.

Aikin gida: rubuta sunanka da Larabci, ka ba wanda bai san ka ba ya karanta da ƙarfi, ka saurara ko ya yi daidai da na katin shaidarka.