Zafin bakin fita ba ya jiran h: kurakuran ɗalibai a lissafin bututu

Na gaji da ganin kuskure iri ɗaya a takardun ɗaliban injiniya. An ba ka bututu, ruwa na gudu a hautsine a cikinsa, zafin da ke ratsa kowace murabba'in mita ta jikinsa bai canzawa. Sai ka ɗauko LMTD ko lissafin nan mai exp, kana neman h, wato ma'aunin yadda zafi ke wucewa daga jikin bututu zuwa ruwa, kafin ka samu zafin ruwa a bakin fita. Haba ɗalibi! Wancan lissafi na bututun da zafin jikinsa bai canzawa daga farko har ƙarshe ne. A nan zafin da ya shiga sananne ne tun farko, ruwan kuma yana ƙara ɗumi daidai wa daida daga farko har ƙarshe.

Ga misali. Faɗin bututu mita 0.02, tsawonsa mita 5, ruwa kilo 0.2 a daƙiƙa, yana shiga da digiri 20, q″ kuwa, wato zafin da ke ratsa kowace murabba'in mita, 50,000 W/m².

```
Q  = q″πDL = 15,700 W
To = Ti + Q/(ṁcp) = 20 + 15,700/(0.2×4180) = 38.8 °C
```

Ka gani? Babu h ko ɗaya. Layi biyu an gama, amma na sha ganin wanda ya cika shafi biyu bai iso nan ba.

Yanzu ne za a nemi h. Ka karanta halayen ruwan a matsakaicin zafin shiga da na fita, wato wajen digiri 30, kada ka karanta a 20 don shi ne ke rubuce a tambaya. A teburi za ka samu μ = 0.0008 Pa·s, k = 0.615 W/m·K, Pr = 5.4.

```
Re = 4ṁ/(πDμ) ≈ 15,900
Nu = 0.023 Re^0.8 Pr^0.4 ≈ 104
h  = Nu·k/D ≈ 3,190 W/m²·K
```

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne mai ganin an ce zafin da ke shiga bai canzawa, sai ya rubuta Nu = 4.36 ido rufe. Wannan adadi na ruwa mai tafiya a natse ne, Re ƙasa da 2,300. Da shi h zai faɗo zuwa 134, jikin bututu ya fi ruwan zafi da digiri 373. Ruwan da ke manne da ƙarfe mai irin wannan zafi ai da tuni ya tafasa, amma ka miƙa takarda ko gezau ba ka yi ba! Ni ba na taɓa Nu sai na rubuta Re na ja masa layi. Amsar gaskiya, jikin bututu ya fi ruwan zafi da q″/h, wato digiri 15.7, jikin bututu a bakin fita wajen digiri 54 kenan, can ne ya fi zafi.

Saura ƙanana. Lissafin Nu ɗin nan da muka yi amfani da shi, wato Dittus-Boelter, na son Re sama da 10,000, tsawo kuma ya ninka faɗi sau 10 aƙalla. Idan ana sanyaya ruwa ne 0.3 ake sawa a kan Pr maimakon 0.4, in ka sa shi a nan h ya ragu da kusan kashi 16 cikin ɗari. Milimita kuma a mayar da ita mita kafin a taɓa kalkuleta.