Yadda ake buɗe shafin farashin albasa har ya fara kawo sefa

Da farko ka zaɓi abu ɗaya tak da za ka riƙa rubutu a kai a shafinka na intanet. Ni da za ka ji tawa, ka kama albasa, don mai saye daga Duwala ko Yawunde kullum so yake ya san nawa buhu yake a Marwa kafin ya turo mota, kuma farashin ba ya zama wuri ɗaya, lokacin girbi wajen Maris da Afrilu ya faɗi warwas, ƙarshen shekara kuma ya hau sama.

Buɗewa ba wuya. Da adireshin Gmail ɗinka ka shiga blogger.com, ka ba shafin suna, za su ba ka adireshi mai ƙarewa da blogspot.com, ko sisi ba za ka biya ba. Duk ranar kasuwa ka rubuta kwanan wata, kuɗin buhu na sabuwar albasa da ta ajiya, kuɗin mota da na ƴan dako, sai hoto ɗaya mara nauyi saboda rezo ɗinmu ka san halinsa. Ka tura wa guruf ɗin ƴan kasuwa na WhatsApp, daga nan mutane za su fara shigowa.

To ga inda da yawa ke faɗawa rami. Tallan Google, wato AdSense, mai sa talla a shafinka ya biya ka, bai karɓi Hausa cikin harsunansa ba, amma ya karɓi Faransanci da Larabci. Kenan in shafinka Hausa ce zalla kar ka yi mamaki in sun ƙi ka. Sai ka sa ainihin rubutun da Faransanci, fassarar Hausa a ƙasa a taƙaice. Sai ka cika shekara 18 kuma, rubutun ma ya zama naka, ba kwafe ba.

In sun karɓe ka, kuɗi ya taru kaɗan, za su aiko lambar PIN ta tabbatar da adireshinka a takarda ta gidan waya, don haka ka ba da akwatin gidan waya na gaske, kwatancen "bayan masallaci" ba zai kawo wasiƙa ba. Biya kuwa sai ka kai dalar Amurka 100, in asusunka na yuro ne, yuro 70, wato kusan sefa 46,000, kuma ka tanadi asusun banki. A ce wata ɗaya kana tara sefa 4,000, kusan shekara kenan kana jira. Kar wannan ya sa ka danna tallan da kanka ko ka ce wa ƙannenka su danna, suna ganewa, rufe asusun za su yi.

Kafin nan ka je wurin mai shagon taki da irin albasa, ka nuna masa adadin masu shigowa a sashen ƙididdiga na Blogger, ku yi ciniki na wata, ka sa hoton shagonsa a sama, ya turo maka ta Orange Money ko MoMo. Shi Hausarka ba ta dame shi ba, ita ma yake so.