Yadda Ake Ɗaukar Hoton Hula da Waya Launinta Ya Fito Daidai

Abin da ke haɗa mai sayar da huluna da mai saye rigima yawanci launi ne: an ga ruwan toka a hoto, an kawo shuɗiya. Laifin haske ne, ba na waya ba.

Fara da zaɓen wuri. Ranar Katsina da tsaka tana ƙone launi, ta bar baƙar inuwa a gindin hula. Nemi bakin ƙofar zaure ko gefen taga, inda haske ke shigowa amma rana ba ta taɓa kayan, tsakanin ƙarfe 8 da 10 na safe ko bayan la'asar. Kashe ƙwan lantarki da filashin waya, don haɗa haske iri biyu ke sa rabin hula ya yi ɗorawa. Ka guji rumfar shuɗin tamfol da bango mai koren fenti. Launinsu na sauka kan zare ba ka sani ba.

Sai shimfiɗa. Sayi farin kwali babba guda biyu a shagon littattafai. Manna saman ɗaya a bango da salatif, ƙasansa ya sauko kan tebur a lanƙwashe, kada ka karya shi, don karin zai fito kamar layi a bayan hula. Ajiye hular kamar taƙi ɗaya daga bango, ka cusa mata takarda ta tsaya da kyau. Hasken ya zo ta gefe. Ɗaya kwalin ka jingina shi a ɗaya gefen, yana fuskantar ƙofa, ya mayar da haske ɓangaren da ke duhu. Matso da shi a hankali, za ka ga inuwar tana laushi. In hular fara ce, yi shimfiɗa da yadi ruwan toka da aka goge.

Goge gilashin kyamara da ƙyalle mai laushi, musamman da hunturu. Hazon da ake gani a hoto sau da yawa ƙura ce da maiƙon yatsa.

Kada ka kusanto da waya sosai, gaban hular zai kumbura. Ja baya kamar kamu ɗaya, wayar daidai tsayin hula, ka danna 2x in akwai. Taɓa aikin zaren a allo. A nan ake yawan faɗuwa: waya na ganin fari ya yi yawa sai ta rage haske, kwalin ya koma toka-toka, hular ta dushe. Ja alamar rana da ta fito a allon sama kaɗan har kwalin ya yi fari, ka tsaya kafin farin zare ya ɓace cikinsa. Jingina wayar da littattafai, ka sa ta ɗauka bayan daƙiƙa 3, hannu bai girgiza ta ba.

Ɗauki gaba, sama, da aikin a kusa. Kara allon da hular a wannan hasken. In sun saɓa, sake ɗauka, kada ka gyara da tace launi. Wajen turawa ta WhatsApp zaɓi HD ko Document, in ba haka ba ƙananan ɗinkin sai su caɓe.